Da'ira, Layi ko Sanduna: Zanen da Ya Dace da Lissafin Cinikin Ƙungiya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar mata a nan Zinder, muna sayen hatsi da wake da gujiya da riɗi muna sayarwa, kuma kowane wata ina rubuta cinikinmu a Excel. An ce in kawo zane a taron ƙarshen shekara, sai na yi da'ira goma sha biyu, kowane wata da tasa. Shugabarmu ta duba ta ce ba ta gane ko gaba muke yi ko baya ba. A ina na kuskure, kuma wane zane ya kamata in yi?

Amsa: Malama, barka kadai, Allah Ya taimaki ƙungiyar. Shugabarku tana da gaskiya, domin ko ni aka ajiye wa waɗannan da'irori a gaba ba zan iya faɗin ko cinikinku ya ƙaru ko ya ragu ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ita da'irar. Zanen da'ira, wanda Excel na Faransanci yake kira Secteurs, yana ɗaukar jimillar abin da aka ba shi ya mai da ita kashi ɗari, sa'annan ya yanka ta kamar yadda mai kankana yake yanka wa masu saye. Watan da kuka yi cinikin miliyan ɗaya da watan da kuka yi cinikin rubu'in haka, da'irarsu girma ɗaya za ta fito a kan takarda. Ke nan abin da shugabarku take nema, wato yawan kuɗin da ya shigo, shi ne ainihin abin da da'irar ta jefar tun kafin ta fara yanka.

Bari in sa alƙaluman misali domin mu ga abin da idonmu, ke kuma sai ki maye gurbinsu da na littafinki. Mu ɗauka a watan Nuwamba, lokacin kaka, kun yi cinikin jikka 1000, wato miliyan ɗaya na sefa: hatsi ya kawo jikka 500, wake 250, gujiya 150, riɗi 100. A da'ira hatsi zai cinye rabi daidai, wake ya ɗauki rubu'i, sauran biyun su raba abin da ya rage. Mu ɗauka kuma a watan Yuni cinikin duka jikka 400 ne: hatsi 280, wake 60, gujiya 40, riɗi 20. A da'irar Yuni yankin hatsi zai kumbura ya kai kashi 70 cikin ɗari. Duk wadda ta ajiye da'irorin nan biyu gefe da gefe za ta ce hatsi ya bunƙasa, daga kashi 50 ya hau 70, har ma wata ta ba da shawarar a ƙara zuba jari a kansa. Alhali kuwa kuɗin hatsi ya sauka ne daga jikka 500 zuwa 280, ya ragu da kashi 44 cikin ɗari. Rabonsa ya girma ne kawai saboda sauran kayan sun fi shi faɗuwa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna a cikin wannan aiki, domin zanen bai yi ƙarya a lissafi ba, kowane kashi daidai yake, amma ya kai mutane ga yanke hukuncin da ya saɓa wa abin da ya faru a cikin sito.

Saboda haka kafin ki taɓa kwamfuta, ɗauki biro ki rubuta a takarda jimlar da kike so matan su tafi gida da ita. Idan jimlar ta fito kamar haka, "rabin kuɗin da muka samu bana daga hatsi ya fito", to maganar rabo ce, ana tambayar yadda abu guda ya kasu a lokaci guda. Idan kuwa ta fito kamar haka, "cinikinmu ya yi sama da kaka, ya yi ta sauka har zuwa faɗuwar damina", to maganar tafiyar lokaci ce. Kalmomin da ke cikin jimlar su ne za su nuna miki hanya: rabi, rubu'i, mafi yawa, kaso, duk na rabo ne, ya ƙaru, ya ragu, tun daga, har zuwa, duk na lokaci ne. A taronku ina ganin tambayoyin biyu duka za su taso, don haka zane biyu kike bukata, kowanne da aikinsa.

Na rabo ba shi da wuya. Ki haɗa cinikin shekara duka, kowane kaya da jimillarsa, ki yi da'ira guda ɗaya tak. Da kaya huɗu da'ira tana aiki sosai, musamman idan akwai wanda ya kai rabi ko rubu'i, domin ido yana gane waɗannan yankuna nan take, ko da mai kallon ba ta yi lakkol ba. Sai dai da'ira tana da sharuɗɗan da in ɗaya ya karye ta zama banza. Dole ne yankunan su haɗu su ba da cikakken abu guda, kuma da ma'auni guda aka auna su. Ba a haɗa buhun hatsi da tiyar riɗi a da'ira ɗaya, sai an mai da su duka kuɗi ko kilo. Dole ne kuma kowane abu ya faɗa yanki ɗaya kaɗai. Idan kuna da mambobi 40, aka ce 30 suna harkar hatsi, 25 suna harkar wake, jimillar ta zama 55 saboda wasu suna yin duka biyun, kuma Excel ba zai tsaya ya tambaye ki ba, zai raba da'irar bisa 55 ya ba ki kason da ba shi da ma'ana. Haka nan farashi ba ya shiga da'ira, tunda kuɗin tiyar hatsi da na tiyar wake in an haɗa su ba su zama jimillar komi ba. Riba ma sai da hattara, domin idan wani kaya ya jawo hasara, babu yadda za a yanka yankin da ya gaza sifiri.

Akwai kuma iyakar da ke cikin idon ɗan Adam. Da'ira digiri 360 ce, don haka kashi ɗaya cikin ɗari digiri 3.6 ne kawai. Idan wake ya samu kashi 23 gujiya ta samu 21, bambancinsu digiri 7.2 ne, kuma yankunan biyu suna fuskantar ɓangarori daban-daban, da wuya mai kallo ta ce ga babba. Wasu masana lissafin ƙididdiga biyu, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada wannan a kan mutane suka wallafa sakamakon a 1984, inda suka nuna cewa mutum ya fi iya kwatanta abubuwan da suka tashi daga layi guda fiye da kwatanta kusurwa. Shi ya sa idan yankuna suka kusa yin daidai, ko suka wuce biyar, nake barin da'ira in koma sanduna kwance, waɗanda Excel yake kira Barres, in jera su daga babba zuwa ƙarami, in rubuta kason kowanne a bakinsa. Kamar a jingina kara huɗu a jikin bango ne, gindinsu a ƙasa ɗaya: wanda ya fi tsawo ba ya ɓuya. Da'irar nan mai kauri da ake karkatawa, wadda ake kira 3D, ita kam ki bar ta gaba ɗaya, domin yankin da ke kusa da mai kallo yana fitowa ya fi girmansa na gaskiya.

Yanzu sai babbar bukatarku, wato tafiyar ciniki cikin watanni goma sha biyu. Abin da ya dace shi ne zanen layi, Courbes a Excel, watanni a jere daga hagu zuwa dama a ƙasa, kuɗi kuma a tsaye a gefen hagu. Wani ɗan ƙasar Sikotland mai suna William Playfair ne ya fito da irin wannan zane a 1786 domin nuna cinikin Ingila da ƙasashen waje shekara bayan shekara, kuma shi ne dai ya fito da da'ira a 1801 domin nuna rabo, ke nan tun asali kowanne da aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Amfanin layi shi ne gangarensa: inda ya miƙe sama abu ya ƙaru, inda ya zube abu ya faɗi, kuma tsananin gangaren yana nuna saurin canjin. Shugabarku za ta bi shi da yatsa daga Nuwamba zuwa Yuni ta ga amsar tambayarta ba tare da an karanta mata lamba ko ɗaya ba.

Yadda kika tsara jadawalin shi ne rabin aikin. Kowane wata ya zama layi guda, kowane kaya ya samu ginshiƙinsa, kuma ki bar gidan farko na sama, wato A1, babu komi a ciki, domin hakan yana taimaka wa Excel ya gane cewa ginshiƙin farko sunayen lokaci ne:

```
            hatsi  wake  gujiya  riɗi
01/11/2024    500   250     150   100
01/12/2024    460   230     130    90
```

Ki ci gaba haka har watanni su cika, ki zaɓi jadawalin duka, ki shiga Insertion ki ɗauki layi mai ɗigo a kan kowane wata. Ki rubuta watannin a matsayin kwanan wata na gaske kamar yadda na yi a sama, domin ta haka ne Excel yake ba kowane wata tazararsa daidai. Wannan tazara tana da muhimmanci ƙwarai. Idan kina da alƙaluman Nuwamba da Disamba, sai kuma na Afrilu, aka jera su da tazara ɗaya, raguwar da ta ɗauki wata huɗu za ta fito kamar ta faru cikin wata guda, matan su firgita a kan abin da a hankali ya zo.

Akwai wani tarko da ni kaina na taɓa faɗawa, kuma har yau ina tunawa da shi. Shekarun baya na shirya wa wani ofishi rahoton kayan da ke fita daga rumbunan ajiya na wasu ƙauyuka, sai ya kasance takardar wata guda ta wani ƙauye ba ta iso ba, magatakardan ya yi tafiya. Wanda ya shigar da alƙaluman ya rubuta sifiri a gurbin, ni kuma ban bincika ba. Layin ƙauyen ya nutse har ƙasa a wannan wata ya sake tasowa, kamar bakin rijiya a tsakiyar takarda. A wurin taro wani dattijo daga ƙauyen ya sa yatsa a kan ramin ya ce a wannan watan da kansa ya auna wa mutane hatsi har hannunsa ya gaji, ya tambaye ni wa ya ce rumbunsu a rufe yake. Ban sami abin cewa ba sai haƙuri. Sifiri yana nufin an buɗe sito ba a sayar da komi ba, gurbi kuwa yana nufin ba a rubuta ba. Idan akwai watan da ba ki da lissafinsa, ki bar gidan fayau, ki duba ƙarƙashin Sélectionner des données, wurin Cellules masquées et cellules vides, ki tabbata an zaɓi Intervalles, sai layin ya yanke a wurin ya ci gaba a gaba, ki kuma rubuta a ƙasan zanen cewa ba a sami lissafin wannan wata ba.

Game da ma'aunin da ke tsaye a gefe, ƙa'idar sanduna ita ce dole su tashi daga sifiri, tunda tsawonsu ne yake magana. Idan aka fara ma'aunin daga 400, sandar 500 za ta ninka ta 450 tsawo, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Layi yana da ɗan sassauci, ana iya fara shi daga sama idan canjin ƙarami ne kuma ana so a gan shi, amma a lissafin kuɗin ƙungiya, inda kowace mamba take da haƙƙi a ciki, shawarata ki bar shi daga sifiri domin kada a ce kin kambama riba ko kin ɓoye faɗuwa. Excel yakan zaɓi mafarin da kansa, don haka ki duba lambar da ke can ƙasa kafin ki buga.

Layi huɗu a zane ɗaya shi ne iyakar abin da nake yarda da shi, kuma ko a haka za ki ga wata matsala a misalinmu: hatsi yana yawo tsakanin 280 da 500, riɗi kuwa tsakanin 20 da 100, don haka layin riɗi zai kwanta a ƙasa kamar bai motsa ba, alhali shi ne ya fi kowa faɗuwa, ya rasa kashi 80 cikin ɗari. Idan maganar riɗi za ta taso a taron, ki yi masa ƙaramin zane nasa shi kaɗai, ki faɗa wa matan cewa ma'auninsa daban ne. Kada ki yarda da dabarar nan ta sa ma'auni biyu a zane ɗaya, ɗaya hagu ɗaya dama, domin inda layukan suka haɗu ko suka tsallake juna zai zama kamar yana da ma'ana, alhali zaɓin ma'aunin ne kawai ya haifar da shi.

To idan ana so a ga jimilla da rabo a tare fa, wanda ina jin shi ne abin da kika nufa tun farko da da'irorinki? Akwai zanen da aka yi domin haka, sanduna a tsaye masu hawa-hawa, Histogramme empilé. Kowane wata sanda ɗaya, tsawonta shi ne jimillar cinikin watan, cikinta kuma an jera kayan kamar buhuna a kan juna. Sandar Nuwamba za ta kai 1000, ta Yuni ta tsaya a 400, kuma a cikin gajeriyar za a ga hatsi ya mamaye mafi yawa. Gaskiyar biyu sun fito a wuri guda. Iyakarsa ita ce abu biyu kaɗai ake karantawa da kyau, jimillar da kuma kayan da ke can ƙasa, saboda shi kaɗai ne gindinsa yake kan layi guda a duk watanni. Na tsakiya suna hawa suna sauka bisa ga abin da ke ƙarƙashinsu. Don haka kayan da kuka fi damuwa da shi, a nan hatsi, shi za ki sa a ginshiƙin farko domin ya zauna a ƙasa. Kusa da shi a Excel akwai ɗan'uwansa mai suna Histogramme empilé 100 %, wanda yake miƙe dukkan sandunan su yi tsawo ɗaya. Wannan yana da irin ciwon da'irorinki, ya jefar da jimilla, kuma amfaninsa kawai idan tambayar ita ce yadda rabon kaya yake sauyawa daga wata zuwa wata. Idan kina son kason a rubuce, ki sa wannan a gidan F2 ki ja shi dama har gida huɗu, sa'annan ki ja ƙasa, ki kuma danna alamar % domin amsar ta fito a kashi cikin ɗari:

```
=B2/SOMME($B2:$E2)
```

Sauran abu biyu ba na zane ba ne kai tsaye, amma in ba a kula da su ba layi mai kyau ma zai ɓatar da ku. Na farko, kuɗin ciniki haɗin abu biyu ne, yawan kaya da farashinsa, kuma kin fi ni sanin cewa hatsin da ake samu da araha a kasuwar Dole da kaka ba shi ne kuɗinsa ba idan bazara ta yi nisa rumbuna suka fara ƙarewa. A misalinmu, jikka 500 na Nuwamba za ta iya zama buhu 20 a kan jikka 25, jikka 280 na Yuni kuma buhu 8 a kan jikka 35. Kuɗi ya ragu da kashi 44, amma buhuna sun ragu da kashi 60, tsadar ce ta rufe wani ɓangare na faɗuwar. Idan kina da lissafin buhuna, ki yi wa hatsi zane biyu, ɗaya a saman ɗaya, watanninsu a daidai da juna: na sama buhunan da aka sayar, na ƙasa farashin buhu. Daga nan ne za a iya tattauna ko ya fi kyau a riƙe kaya zuwa bazara.

Na biyu, watanni goma sha biyu suna nuna yanayin shekara ne, hawan kaka da saukar bazara, kuma wannan zai maimaitu ko ƙungiya tana ci gaba ko ba ta yi. Amsar tambayar shugabarku ta gaba ko baya tana fitowa ne idan aka kwatanta Nuwamban bana da Nuwamban bara. In littafin bara yana hannunki, ki zana jimillar kowace shekara a matsayin layinta a kan watanni guda, bara da launi mai haske, bana da mai duhu, sai a ga wanne yake sama. Ki sa alama a watan azumi da na sallah a kowace shekara, tunda suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, kuma cinikin da suke jawowa yana iya tsallakawa daga wannan wata zuwa wancan ya sa a zaci wani abu ya canza.

Ga taron naku, ni dai takarda biyu zan kai. Ta farko sanduna masu hawa-hawa na watanni goma sha biyu, hatsi a ƙasa, ta biyu da'ira ɗaya ta shekara duka, an rubuta jimillar kuɗin a ƙarƙashinta. Kan kowace takarda ya zama jimlar nan da kika rubuta da biro tun farko, da Hausa, tare da faɗin cewa alƙaluman jikka ne. Sunan kowane kaya ki rubuta shi a jikin yankinsa, kada ki dogara da ɗan akwatin launuka na gefe, domin takardun nan hotokofi za a yi musu baƙi da fari, ja da kore su koma toka iri ɗaya. Kafin ranar taron ki buga kofi guda, ki miƙa wa wata mamba da ba ta ga lissafin ba, ki ce ta nuna miki watan da aka fi ciniki da kayan da ya fi kawo kuɗi. Idan ta tsaya tana juya takardar, ki tambaye ta inda idonta ya maƙale, ki gyara wannan wurin kafin ki buga sauran.